Tuwo da miya: yaya kuke auna shi da hannu da faranti?

Maman 'yan biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Maigidana yana da ciwon suga. A asibiti an ce ya riƙa raba farantinsa: rabi ganye, kwata nama ko kifi, kwata abinci mai sitaci, kuma kada sitacin ya wuce dunƙulen hannunsa. To mu tuwo muke ci da dare, ga miya a kai ake zuba ta. Don Allah masu yin wannan a gida, yaya kuke yi?

Hajiya ta Zariya: Wa alaikumus salam 'yata. Ni ma da ciwon nake zaune. Tun a wajen kwasa nake gyara abin. Malmalar da muke yi da mara ta kan kai dunƙule biyu, wani lokaci har fiye, amma da yake guda ɗaya ce sai ido ya raina ta. Yanzu ina sa a kwashe min tawa daban, in dunƙule hannuna kusa da ita in gani. Ki tuna da hannun mai ci ake aunawa, ba na mai girki ba. Farantin ma ki nemi matsakaici, mai faɗin kamar santimita 23, domin kwatan babban tire ya isa ya ƙosar da mutum biyu.

Direba ɗan Maraɗi: Hajiya, ni miyar kuka nake yawaitawa, ai ita ma ganye ce. Rabin kwano miya, rabi tuwo, shi ke nan.

Ma'aikaciyar jinya: Malam direba, kuka ganye ce, gaskiya. Sai dai garin da ake kaɗawa a tukunyar gida guda bai wuce 'yan cokula ba, saura ruwa ne da mai. Ba za ta cika gurbin rabin farantin ba, kuma miya mai yauƙi sa tuwo wucewa da sauri take yi. Abin da na ga yana yi wa masu zuwa wurinmu aiki shi ne a ajiye ganyen a gefe: dafaffen zogale, rama, alayyahu ko kabeji, cike da tafuka biyu, a fara cinsa kafin tuwon. Nama ko kifi kuwa faɗin tafin hannu ban da yatsu, kaurinsa kamar na ƙaramin yatsa.

Mai shi ne ke ɓuya. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja, wanda ya kai kamar girman babban yatsa, yana da kalori kusan 120. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa, wato kamar dunƙule ɗaya, kusan 200 ne. Ke nan cokali biyu na mai a kan garau-garau sun fi dunƙulen shinkafar kalori. A tukunya ake auna mai, a raba da yawan masu ci: cokali goma ga mutum biyar, kowa ya sha biyu.

Malamin firamare: Ni kuma dunƙule biyu aka koya min. Na ji tsarin hannun ma a Zimbabwe wani likita ya fito da shi a 1993, kuma shi biyu ya ce. Da na gwada ɗaya, yunwa ta tashe ni tsakar dare.

Ma'aikaciyar jinya: Malam, haka tsarin Zimbabwe yake, amma biyun har da 'ya'yan itace a ciki. Kuma dunƙulen tuwo ya fi na shinkafa nauyi saboda a cure yake. Na'urar gwajin suga ce za ta raba gardama: a gwada awa biyu da fara ci. Ga yawancin masu ciwon ana son a ga ƙasa da 180 mg/dL, wato 10 mmol/L. In kullum yana haurawa, mai yiwuwa tuwon ya yi yawa. Mai allurar insulin ko ƙwayar da ke saukar da suga sosai kada ya rage abinci kwatsam sai ya faɗa wa likitansa. Rawar jiki, gumi da jiri alamun sugan ya faɗi ne.

Ƙanwar amarya: Ni ba ni da suga, ƙiba nake son ragewa. Na daina tuwo gaba ɗaya, fura da nono kawai nake sha da rana.

Hajiya ta Zariya: 'Yar nan, fura ai gero ce, ga sukari a kai. Curin furar za ki auna da dunƙulenki kafin a dama. Kunu da zoɓo mai zaƙi ma duk cikin lissafi suke, ko da ba a faranti suke ba.

Direba ɗan Maraɗi: To mu da muke cin kwano ɗaya da abokan tafiya fa? In na ce a ba ni farantina daban, sai a ce na fara ƙyamar mutane.

Malamin firamare: Ni yankar rabona nake yi a gabana tun loma ta farko, in ya ƙare in tsame hannu. Da tuwo yana yiwuwa. Da shinkafa a tire kuwa har yau ban iya ba.

Maman 'yan biyu: Na gode ƙwarai. Yau zan kwashe masa ƙaramar malmala da zogale a gefe, mu gwada bayan awa biyu. Saura wake: shinkafa da wake in na dafa, waken a kwatan nama zan sa shi ko a na sitaci?