Tukunya ɗaya, mutum bakwai: ta yaya zan ƙirga kalori na rabona?

Maman Ikram (Agege): Salamu alaikum. Likita ya ce in rage ƙiba, amma miyar agushi ɗaya muke yi wa mutum bakwai, kowa da yadda ake zuba masa. In raba tukunya ne, ko akwai dabara?

Hajiya Talatu: Wa alaikissalam. Ba sai kin raba ba. Ki auna tukunyar babu komai, sannan ki auna kayan tun suna ɗanye. A ce manja giram 200, kalori kusan 1,800 ke nan, don kowane giram na mai yana da 9. Agushi giram 300 wajen 1,750. Tattasai, albasa da alayyahu ki ba su 250. Jimilla 3,800. Idan miya ta dahu ki tsame naman, ki sake aunawa, ki cire nauyin tukunya. In miyar ta kai giram 3,200, kowane giram ya tashi kusan 1.2, to giram 250 a kwanonki 300 ne. Naman ki ƙirga shi daban.

Baban Sadik: Wannan wahala ta me? Ki raba 3,800 gida bakwai, shi ke nan.

Hajiya Talatu: Malam, ludayin maigida da na ɗan auta ɗaya ne? Ga shi mai yana tasowa sama. Wanda aka fara ɗebar wa ba a juya ba, shi ya kwashi manjan.

Ummi Idi-Araba: Ni dai ban yarda da ƙirgen nan ba. Yayata ta daina shan miya gaba ɗaya, tana ta jiri, nauyi bai motsa ba, dangin miji suka ce rainin abincinsu take yi. Har yau ba su shirya ba.

Anti Nas: Allah ya daidaita su, Ummi. Amma malmalar tuwon fa, ta rage? Maman Ikram, ki kula da ɗumame: ruwa na ƙonewa, kalorin na nan, ludayin gobe ya fi na yau. Naman mai kitse kuma ya riga ya bar kitsensa a romo, don haka lissafin Hajiya zai ɗan gaza.

Baban Sadik: Nas ce ke, ba mai girki ba.

Ɗan Obalende: Wanda ya kankare ƙanzo a lissafin wa yake?

Maman Ikram: Sikelin fa, nawa ne?

Ummi Idi-Araba: Arha ne a Idumota, bai kai kuɗin kwalbar manja ba.

Baban Sadik: Yaushe rabonki da kasuwa? Ya ninka haka.

Hajiya Talatu: Ki dai duba iyakarsa, yawanci kilo 5 ne, tukunyar ƙarfe da miya tana wuce nan. Kada ki yi awon mai da gorar ruwa, cikarta ba ɗaya ba ce.

Ɗan Obalende: Ai ni masu manjan nan ke ba ni haushi. Gora a lotse, kuɗi a cike. Wa ya san inda ake sayar da lita ta gaskiya a Mile 12?