Abin da aka tattauna kan inshora da motocin hannu

1. An yi ittifaƙi cewa matsalolin da ke damun irin wannan ciniki biyu ne, kuma lokaci ne ya raba su. Ta farko kafin a ƙulla ciniki: mai mota ya san aibinta, mai saye bai sani ba, sai ya taya tsaka-tsaki. Masu lafiyayyun motoci su fasa sayarwa, kasuwa ta cika da gwangwani. Misalin da masanin tattalin arziki George Akerlof ya bayar ke nan a 1970. Haka ma inshorar lafiya, masu ciwo suka fi rububinta.

2. Ta biyu bayan ciniki: wanda ya yi inshora yakan sassauta kula, tunda wani zai biya.

3. Inda aka rabu shi ne magani. Wasu sun ce a bar wa wanda ya yi inshora wani kaso na asarar don ya kula, wasu suka ce talaka zai ƙwaru. Ni dai na ga, a cinikin mota, garanti da gwajin makanike sun fi samun goyon baya.