Tambaya kan barbarar saniyar Azawak da Holstein

Salamu alaikum, masana kiwo. Ina da shanu Azawak a wajen Mirriya, kowace tana ba da lita 4 zuwa 5 da damina. An yi wa biyu barbarar hannu da maniyyin Holstein, sai ga matsala. Karsanar da aka haifa tana haki da rana a watan Afrilu, ta rage cin harawa da dusa, kaska kuma ta fi kama ta fiye da uwarta, duk da feshin da nake yi.

Na san rabin jini ya kan ninka madara idan abinci da inuwa sun wadata, amma ƙuli-ƙulin auduga ya yi tsada a Damagaram. Idan ta isa barbara, in mayar da ita ga bijimin Azawak, jinin waje ya koma kashi 25, ko in tsaya a rabi? Don Allah ku ba ni shawara.