Hoton takardar Ajami na kakanmu: wa zan ba ya mayar da ita boko?

Ɗan Dukku: Assalamu alaikum. An turo mini hoton shafi 6 na wasiƙar kakanmu, akwai maganar gona a ciki. Wani ɗalibin Islamiyya ya ce zai buga mini a kan N500 duk shafi, ga kuma wani alaramma tsoho da ba ya boko, sai dai ya karanta ni in rubuta. Wanne ya fi? Kuma yaya ake nuna baƙin da ake shakka?

Bappa Kumo: Ka tabbata ba Fillanci ba ne tukuna. Takardun Dukku fa.

Ɗan Dukku: Hausa ce, Bappa.

Maman Hanif: Ƙanena, guji ɗalibin nan. Mu haka aka yi mana. A rubutun tsangaya, harafin fa yana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Yaron ya saba da bugun da ɗigo ɗaya a sama shi ne fa, sai duk inda babanmu ya rubuta "ƙasa" ya sa "fasa". Ko alamar shakka babu, ya buga tsaf. Baffanninmu suka ce tsoho ya fasa kyautar. Har yau ba ma gaisawa, kuma N15,000 na biya.

Ɗan Azare: Dubu 15? Mu kuɗin goro kawai muka ba malam.

Malam na Nafaɗa: Haɗa su biyun. Alaramma ya karanta, kai ka bi layi-layi da lamba. Inda hoton bai fito ba kada ka zaɓa masa, rubuta duka biyun: `[ɗ/ts]aya`. Bambancin "ɗaya" da "tsaya" ɗigo uku ne kawai a kan ɗa mai hannu, idan tawada ta koɗe shi ke nan. Rufu'a ma ita ce u, ita ce o, "gona" da "guna" suna iya zama kama ɗaya, sai jimla ta raba. Wanda ya goge gaba ɗaya sa `[...]`.

Ɗan Azare: An raba gādon guna kenan 😂

Bappa Kumo: Ai ɓ ɗigonsa daban ne, ba a ruɗewa.

Malam na Nafaɗa: Ba kowa ba, Bappa. Tsofaffi da yawa da harafin ba suke rubuta ɓ, "bata" da "ɓata" hannu ɗaya.

Maman Hanif: Malam, ku masana kuna faɗa da sauƙi. Wanda abin ya ci shi ya kamata a saurara.

Ɗan Dukku: Wani ɗigon ma na kasa gane ko tawada ce ko kashin ƙuda. Asalin takardar na wurin yayan babanmu, ya hana a taɓa.

Maman Hanif: Haka suke! Su kulle a adaka gara ta cinye, amma jika ya nemi sake ɗaukar hoto a ce gona yake hari. Naku ma ya bari an ɗauka.