Wace kalma za mu ba sayin-ba da geji-bulok?

Malamin ɗakin bita: Assalamu alaikum. Ina rubuta wa yaran da nake koya wa aikin ƙarfe takardar darasi da Hausa, na kuma cije a kan kayan aiki biyu. Na farko sayin-ba, sandar ƙarfen nan mai rola biyu masu kauri ɗaya a ƙarƙashinta, wadda tsakanin cibiyoyinsu yake milimita 100 cif a irin tamu. Na biyu geji-bulok, ƙananan ƙarafan da ake ɗorawa a ƙarƙashin rola ɗaya don sandar ta karkata. Na sa "ma'aunin kusurwa" da "duwatsun awo", amma raina bai kwanta ba.

Na Panteka: Malam, mu dai sayin-ba muke cewa, kowa ya gane. In dole sai Hausa, a ce sandar kwana. Ƙarafan kuma ai waigi ne, irin wanda ake sa wa tayar mota.

Baba mai ritaya: Wa alaikumus salam. Malam, cire "ma'aunin kusurwa". Wannan suna ya fi dacewa da abin da ke da lambobi a jikinsa, ka aza ka karanta digiri. Sayin-ba ba ta da ko layi ɗaya, ba ta gaya maka komai. Kai ne kake gina mata kusurwar da takardar zane ta nema, sannan ka duba ko aikinka ya yi daidai da ita. Ɗana na Panteka, waigi kuma tsini gare shi, ana tura shi har ya kama. Waɗannan fuskokinsu biyu a miƙe suke, kowanne da kaurinsa a rubuce. Wani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Edvard Johansson, ya ƙirƙiro su a 1896.

Bari in kawo aiki ɗaya, sunan zai fi sauƙin fitowa. A ce zane ya nemi digiri 14 da minti 30. Tsayin da za a gina shi ne tazarar rola sau sayin na kusurwar, wato lambar da maɓallin sin na kalkuleta yake bayarwa:

```
H = L × sin θ
H = 100 × sin 14.5° = 25.038
```

A akwatin geji-bulok mai guda 87, ana fara kashe lambar ƙarshe. Ka ɗauki 1.008, saura 24.03. Ka ɗauki 1.03, saura 23. Sai 3 da 20. Guda huɗu ke nan, kuma ana son su yi kaɗan ne domin kowace mahaɗa tana iya ƙara ɗan kuskure. Ka goge su tas, ka aza ɗaya a kan ɗaya a gicciye, ka danna kana juyawa har su kama juna. In an yi daidai, ka ɗaga na sama sauran su biyo shi, ba gam ba maganaɗisu. Wanda ya ƙi kamawa, ko dai akwai ƙura ko fuskar ta sami ƙarzuwa, kada ka tilasta shi.

Ɗalibar injiniya: Baba, na gwada a kalkuleta ta ba ni 24.700. Ko tawa ce ta lalace?

Baba mai ritaya: 'Yata, lafiyarta ƙalau, 14.30 kika buga. Minti 60 ne a digiri ɗaya, don haka minti 30 rabi ne, 14.5 za ki sa. Wannan kuskuren kaɗai ya rage miki milimita 0.338, wato minti 12 na kusurwa, ya isa a watsar da aiki mai kyau. Ki kuma duba saman allon ko an rubuta DEG. In RAD ce a wurin, lambar da za ta fito ba ta da alaƙa da aikinki.

Ɗalibar injiniya: Na gode Baba. To ni "sandar sayin" nake gani, tunda lissafin sayin ne ginshiƙinta. Wanda ya ji sunan ya san maɓallin da zai danna.

Mai shagon buga takardu: Ni da na ga kan maganar na ɗauka allon talla ake nema wa suna, ko sa hannu a takarda. Duk sayin muke ce musu.

Malamin ɗakin bita: Ka ji matsalar ke nan, Alhaji. "Kwana" ma haka, yaro zai karanta ya ɗauka barci ake nufi. Baba, ƙarasa mana yadda ake dubawar, don a nan yarana suka fi rikicewa.

Baba mai ritaya: Komai a kan teburin dutsen nan mai santsi ake yi, bayan an share shi. Rola ɗaya a kan dutse, ɗayar a kan ƙarafan da ka haɗa. Sai ka ɗora aikin a kan sandar, gefensa mai kauri yana wajen da ya yi ƙasa, ta yadda karkatar sandar za ta cinye karkatar aikin. In kusurwar daidai take, saman aikin zai kwanta daidai da teburin. Sai ka kawo agogon awo, mai allurar da ke nuna hawa ko saukar saman aiki, a kan mariƙinsa, ka sa allurarsa a sifili a wannan baki, ka ja shi zuwa wancan.

A ce ka ja milimita 50, allurar ta hau 0.02 a ɓangaren da ƙarafan suke. Ma'anarsa sandar ta fi aikin karkata, wato kusurwar aikin ta gaza. Raba 0.02 da 50, ka sami 0.0004, wanda ya kai kimanin minti 1 da sakan 23. In zanen ya yarda da minti 5 sama ko ƙasa, aikin ya karɓu. In kana son ainihin kusurwar, rage kusan 0.04 daga tsayin, ka sake ja har allurar ta daina motsi, sannan ka juya lissafin baya.

Abu ɗaya da yara ke mantawa: aikin ya zauna a miƙe da tsawon sandar. In ya ɗan juya gefe, agogon zai nuna kuskuren da babu shi.

Na Panteka: Baba, ni na taɓa duba digiri 70 da ita kuma ta yi. Ban ga dalilin da ake cewa kada a wuce 45 ba.

Baba mai ritaya: Za ta tsaya, amma amincinta ya ragu. Kuskuren milimita 0.01 a tsayi, a digiri 14 da rabi sakan 21 ne kawai. A digiri 60 ya zama 41, a 80 ya kusa minti 2. Ga shi ƙarafan sun yi tsawo, abu kaɗan ya ture su. Don haka a naka aikin da ka gina digiri 20, ka nemi cikon zuwa 90 da ƙarfen kusurwa mai tsaye. Kuma kada ka daɗe riƙe da su a tafin hannu, a zafin digiri 20 aka auna kaurinsu, ɗumin jiki yana buɗa su.

Malamar Hausa: Daga bayanin Baba, ni "tubalan awo" nake ba ƙarafan, tunda gina tsayi ake yi da su. "Duwatsun awo" na sikeli ne, nauyi suke aunawa. Haɗa su kuma "murzawa" ya ishe shi, abin da hannu yake yi ke nan. Sandar kuwa "sandar karkata" ta fi mini daɗin faɗa, kuma ba ta yi alkawarin karanta digiri ba.

Ɗalibar injiniya: Malama, tubalan awo ya zauna. Amma karkata ta yi faɗi, kowane tsani a jingine ma a karkace yake. Akwai kuma tebur mai maƙalli da ake aiki da shi da wannan lissafin, in an ce sandar sayin sai a ce teburin sayin, su tafi tare.

Malamin ɗakin bita: Na karɓi tubalan awo da murzawa, sun shiga takarda. Sandar zan rubuta "sandar sayin" a darasin Litinin, in faɗi "sandar karkata" da baki, in ga wadda yaran za su riƙe. Har yanzu ba ni da kalmar tubalan bayan an haɗa su. "Tsibi" kamar an zuba su ne barkatai, "jeri" kuma a kwance yake.

Na Panteka: Ɗori, Malam. Amma in yaronka ya zo kasuwa neman na saye, ya ce geji-bulok, in ba haka ba wajen masu bulo za a tura shi.