Waɗanda suka haɗa sunan dabba da hali suka yi sunan shafi: yaya kuka ƙare?

kunkuruhakuri

Assalamu alaikum jama'a. Ina son buɗe sabon asusu a X, kuma ba na son sa sunana na gaskiya. Na yi niyyar ɗaukar dabba ɗaya da hali ɗaya in narkar da su su zama kalma guda. Abin da na fara rubutawa shi ne `kunkurumaihakuri`, sai aka ce ya yi tsawo. Na cire "mai" ya shiga, amma har yanzu kunnena yana jin kalmomi biyu ne aka jera, ba su zama ɗaya ba. Waɗanda suka taɓa yin irin wannan, don Allah a ina kuka yanka kalmomin, kuma me ya biyo baya da mutane suka fara kiranku da sunan?

giwayo

Wa alaikumus salam. Tsawon dai ba abin mamaki ba ne. X ba ya karɓar sunan da ya wuce harafi 15, naka kuwa 16 ne: kunkuru bakwai, mai uku, hakuri shida. Instagram yana barin har 30, Telegram kuma daga 5 zuwa 32, to da can ka kai shi da ya shiga ba gardama.

Amma batun yanka, shawarata ita ce kada ka yanka komai. Nemi kalmomi biyu waɗanda gaɓar ƙarshe ta farkon ita ce gaɓar farko ta na biyun, sai ka ɗora su a kan juna. Nawa haka ya samu. Giwa ta ƙare da "wa", wayo ya fara da "wa", sai na bar "wa" ɗaya ta yi wa kowa aiki: gi-wa-yo. Wanda ya karanta yana ganin giwa cikakkiya, yana ganin wayo cikakke, ba a rage wa ɗayansu komai ba, kuma harafi shida ne kacal.

Yadda na yi a aikace: na rubuta sunayen dabbobi a gefe ɗaya na takarda, na ja layi a ƙarƙashin gaɓar ƙarshe ta kowanne. Zaki, ki. Damisa, sa. Dila, la. Zomo, mo. Bauna, na. Sannan na zauna ina neman halin da ya fara da kowace gaɓa. Zaki da kirki suka ba ni `zakirki`. Damisa da sauri suka ba ni `damisauri`. Dila da ladabi, `diladabi`. Bauna da natsuwa, `baunatsuwa`. Kunkuru ne mai wuya, domin halayen da suka fara da "ru" ba su da yawa, kuma waɗanda ke zuwa a rai, irin su ruɗu da rufa-rufa, ba wanda zai so ya laƙaba wa kansa su.

damo_hakuri

Malam giwayo, hanyarka ta fi wadda na bi da fari. Ni damo na ɗauka, tunda kowa ya san damo sarkin haƙuri ne. Sai na sare kan haƙuri na haɗa, ya zama `damokuri`. A bakina yana da daɗi, amma ba wanda ya taɓa gane haƙuri a ciki. Wasu sun ɗauka kuri ake nufi, wasu kuma suka riƙa tambayata ko sunan wani gari ne. Abin da na lura da shi shi ne kunne da farkon kalma yake gane ta. Ka bar "haƙu" mutum zai ƙarasa da kansa, amma ka ba shi "kuri" kaɗai, ya ɓace. Daga baya na haƙura da narkarwar na sa layin ƙasa a tsakani, kamar yadda kuke gani.

barewa_w

Ni ina da ja a kan hanyar ɗora gaɓa, ba don ba ta aiki ba, sai don akwai ramin da ba a faɗa ba. Na bi ta sak. Barewa ta ƙare da "wa", wayo ya fara da "wa", na samu `barewayo`. Na yi murna da shi ƙwarai, don barewa dabba ce da nake ƙauna. Ban jima ba wata ƙawata ta tambaye ni me ya sa nake zagin kaina. Ita "bare wayo" ta karanta, kamar a ce ba ta da hankali bare wayo. Da ta faɗa, ni kaina na kasa sake ganin barewar a ciki.

Tun daga nan duk wanda ya nuna min sunan da ya haɗa, nakan ce ya gwada raba shi a kowane wuri, ba inda shi ya ɗinke kawai ba. Ba-rewayo, bare-wayo, barewa-yo. In dai akwai rabon da ke ba da magana mai ma'ana, to wasu can za su karanta shi haka, kuma sau da yawa su ne masu rinjaye, domin ido ya fi saurin kama kalmar da ya saba gani kullum. Na ga wani ya haɗa kada da dabara ya samu `kadabara`, mutane suna karanta "kada bara".

zomotsi

Yaya barewa, ai wannan mai sauƙi ne. Da kin sa babban harafi a inda kalma ta biyu ta fara, shi ke nan matsala ta ƙare. Ni haka nake rubuta nawa, ZoMotsi, kuma ba a taɓa kuskure ba.

giwayo

Ƙanena, babban harafi yana taimakawa, amma ba ko'ina ba. X yana nuna shi yadda ka rubuta. Instagram kuwa ƙananan haruffa kaɗai yake nunawa a sunan mai amfani, haka ma Discord tun da ya sauya tsarin sunayensa a 2023. Kuma idan wani ya faɗi sunanka da baki, babu babban harafi a cikin murya.

Sannan duba nata da kyau. Kalma ta biyu a "wa" ta fara, to babban harafin zai ba da `BareWayo`, wato daidai karatun da take gudu. In ta matsar da shi ya zama `BarewaYo`, barewa ta fito amma wayo ya mutu. Naka ma, ZoMotsi ai "zo" ya fito fili, zomon ya ɓuya. Sa'arka ita ce "zo motsi" ba zagi ba ne.

mai_kaza

Nawa ya fi na kowa ciwo. Ina kiwon kaji, kuma an san ni da zafin nama a aiki, sai na haɗa kaza da zafi. Gaɓar "za" ta hau daidai, na samu `kazafi`. Kun ga abin da ya fito. Tunda sunan mai amfani ba ya ɗaukar ƙ, ɗ da ɓ a waɗannan manhajoji, kowa ya saba mayar da lanƙwasar da kansa idan yana karatu, to ƙazafi mutane suka gani. Akwai wanda ya turo min saƙo yana tambaya ko shafin tonon silili ne, yana da labarin da zai ba ni. Ranar na sauya.

Don haka bayan gwajin rabawa da 'yar'uwa ta faɗa, a ƙara wani: duk k, d da b da ke cikin sunan, a gwada karanta su da lanƙwasa, a kuma gwada ba lanƙwasa. Kura tana iya zama ƙura. Wanda ya rubuta `bakindamisa` yana nufin baƙi, za a karanta masa bakin da take ci da shi.

shaho_22

Ni ma na yi wannan, shaho da lamba na haɗa, kuma shi nake sawa a duk asusuna don kada in manta. Har yau ba a taɓa yi min kutse ba. Ina ganin in mutum ya ƙara alamar motsin rai a ƙarshe ya wadatar.

damo_hakuri

Malam shaho, kamar kalmar sirri kake nufi. Mu sunan da kowa ke gani muke magana a kai. Amma tunda ka kawo, don Allah in kalmar sirrinka ta yi kama da sunan da ke saman saƙonka, ka canza ta yau, kuma kowane asusu ya samu tasa daban. Mai kutse da sunan mutum yake fara gwaji.

hankakafiya

Hajiya mai kaza, ƙ ɗin da ba a karɓa a sunan mai amfani ana karɓarsa a sunan da ake nunawa a sama, wanda ba ya da alamar @. Wasu sukan rubuta kalmomin biyu a can a rabe, da lanƙwasarsu, don mai karatu ya san inda haɗin ya fito. Ban ce da ya ceci naki ba, amma yana rage tambaya.

Tawa matsalar daban ce. Hankaka da kafiya na haɗa, sai "ka" ta zo sau biyu a jere. Mutane da yawa suna rubuta `hankafiya` idan za su ambace ni, saƙon ba ya zuwa min. Ban sauya ba don na saba da shi, amma da zan sake, ba zan ɗauki dabbar da sunanta ke maimaita gaɓa ba. Mai tambaya, naka kunkuru ma akwai "ku" biyu kusa da juna, ka sa wani ya rubuta shi daga jin bakinka ka ga abin da zai fito.

barewa_w

Akwai abin da har yanzu ban yanke ba. Shin halin ya dace da dabbar ne, ko ya saɓa mata? Damo da haƙuri kowa ya san su tare, ba sai an yi bayani ba, amma daidai wannan dalilin ne ke sa wani ya riga ka ɗauka. Zaki da kirki kuwa ba a saba jin su tare ba, shi ya sa `zakirki` ya zauna min a kai tun da na karanta shi a sama.

damo_hakuri

Ni na fi son wanda ya dace. Suna ne da za a kira ka da shi shekara da shekaru, gara ya faɗi gaskiyar halinka da ya ba mutane mamaki na rana ɗaya. Wanda ya kira kansa `diladabi`, ni dai dilan zan fara gani kafin ladabin, kuma ba zan saki jiki da shi a ciniki ba.

giwayo

A nan mun rabu, Malam damo. Giwa ba da wayo aka fi saninta a tatsuniya ba, kuma ban taɓa jin ya cutar da ni ba. Abin da na lura kawai shi ne mutane kashi biyu suke kirana: wasu suna ɗaga "wa" kamar a giwa, wasu suna sauke ta kamar a wayo. Duka ina amsawa.

kunkuruhakuri

Na gode ƙwarai jama'a. Na gwada abin da hankakafiya ya ce, na faɗa wa ƙanwata sunan ta rubuta, ta rubuta shi daidai amma ta ce ya yi mata tsawo. Na koma takarda na bar kunkuru, na ɗauki bushiya da yarda, `bushiyarda`, harafi goma. Na raba shi ko'ina ban ga zagi ba, na sa wa b da d lanƙwasa ban ga wata kalma ta fito ba. Abin da ke damuna shi ne ko "bushi" zai sa wasu su tuna da bushewa. Kafin in yi rajista, akwai wanda ya ga wani karatun da ban gani ba?