Me za mu kira "anafilaksis" da Hausa a katin maras lafiya?

Famasist Tudun Wada: Salamu alaikum. Ana so a rubuta gargaɗi da Hausa a katin masu matsala da fenisilin. Kalma biyu ke ba da wuya: alaji, da kuma mai tsananinsa, anafilaksis. Malaman Hausa na Samaru, ku taimaka.

Ɗan Kongo: Ai akwai kalmar tun da daɗewa, borin jini. Jiki ya yi ruɗu-ruɗu, ya yi ta ƙaiƙayi, a sha firiton ya lafa.

Sista Rabi: Ɗan Kongo, ka kama rabi. Borin jini a fata ya tsaya. Abin da Famasist ke nufi ya wuce fata. A ce magidanci an yi masa allurar fenisilin, ko ya haɗiyi amoksisilin. Cikin 'yan mintoci, yawanci kafin awa guda, sai leɓe da harshe su kumbura, murya ta dishe, numfashi ya riƙa ƙara kamar fito, ko jiri ya kwashe shi ya faɗi saboda jininsa ya sauka. Wani ma ƙurji ko ɗaya ba zai fito masa ba. In ka rubuta borin jini, za a ba shi firiton a zauna jira, alhali firiton ba ya buɗe maƙogwaro, ba ya ɗaga jini.

Malam Sani (Sashen Hausa): To a ara daga can: "borin magani" ga alaji, "borin magani mai shaƙewa" ga mai tsananin. Fargabata dai kalmar bori. In tsohuwa ta ji bori, ga mutum ya faɗi yana kakari, iska za ta ce, a tsaya tofi da hayaƙi.

Maman Ilham: Malam, me ya sa ba za a ce "ƙin magani" ba? Yara da yawa amfikulos na sa su gudawa, ai ƙi ne.

Famasist Tudun Wada: Hajiya, gudawa ko tashin zuciya kaɗai illar magani ce, ba alaji ba. Haɗa su na sa a hana mutum fenisilin har abada ba dalili, a koma ba shi mai tsada. Kuma "ƙin magani" na da ma'ana tuni, ciwon da bai jin magani.

Sista Rabi: Ko wace kalma aka ɗauka, matakan su zauna a bayan katin. A daina ba da maganin nan take. A kwantar da shi rigingine a ɗaga ƙafafu. In numfashi ne ya fi damunsa ya zauna, mai ciki kuma ta kwanta a gefen hagu. Kada a tsayar da shi ko a sa shi takawa zuwa mota, a ɗauke shi, domin miƙewa na iya tsayar da zuciya lokacin da jini ya sauka. Kada a ɗura masa madara ko manja. Maganin shi ne adiranalin: ga babba, mililita 0.5 na kwalbar da ke da miligiram 1 a kowace mililita, a tsokar cinya ta gefen waje, ba a jijiya ba. In bayan minti 5 bai sassauta ba, a maimaita. Ɗan shekara 6 zuwa 12 mililita 0.3 ne. Sannan asibiti, Shika ko Gambo Sawaba, wanda ya fi kusa, ko da ya warware, domin abin kan dawo bayan wasu awoyi.

Ɗan Kongo: Na ɗauka haidurokotizon ake fara yi.

Sista Rabi: Shi sai ya ɗauki awoyi kafin ya yi aiki. Ba da shi ake farawa ba.

Famasist Tudun Wada: Kuma a rubuta dangin duka, don nan ake faɗawa rami. Mutum ya san fenisilin bai karɓe shi ba, sai ya je kemis a Sabon Gari a ba shi amfikulos ko ogmentin, bai san gida ɗaya suka fito ba. Sefaleksin ma sai likita ya auna. Katin wani asibiti ba ya bin ka zuwa wani, don haka ka faɗa wa likita, mai cire haƙori, ungozoma da mai kemis: wane magani, me ya faru, bayan minti nawa.

Malam Sani: To a saman kati a sa jimlar da mutane ke faɗi da bakinsu: "Fenisilin da danginsa ba su karɓe ni ba, suna shaƙe ni." Ƙasa a sa "borin magani mai shaƙewa".

Sista Rabi: Malam, jimlar ta yi. Amma "shaƙewa" ta bar wanda ya suma ba tare da maƙogwaro ya kumbura ba. Wannan fa?